Sharhin Littafi Ga Wanda Bai Karanta Ba: Misali Daga Shaihu Umar

A mujallun makarantu, tun daga na lise har zuwa na jami'a, ba a rasa shafin da aka keɓe wa sharhin littattafai. Sai dai yawancin abin da ake bugawa a wannan shafi taƙaitawa ce, irin wadda ake rubuta wa malami domin ya tabbatar ɗalibi ya yi karatun da aka ba shi. Malami ya riga ya san littafin, ya san mutanen ciki da garuruwansu, ya san yadda labarin ya ƙare. Abokan aji kuwa, waɗanda dominsu ake buga mujallar, ba su san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, kuma abin da suke nema a shafin shi ne amsar tambaya guda: shin wannan littafi ya cancanci a ba shi yammaci biyu ko uku daga cikin lokacin da babu shi da yawa? Sharhin da bai amsa wannan tambaya ba ya ɓata takarda, ko da kowace jimla a cikinsa gaskiya ce. Kurakuran da ke hana shi amsa ta kuwa, mafi yawansu ana iya gano su a cikin nahawun rubutun kansa, shi ya sa ɗalibin kimiyyar harshe ya fi kowa rashin uzuri idan ya faɗa cikinsu.

Littafin da ya dace a gwada wannan magana a kansa shi ne Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Yana cikin littattafai biyar da suka fito daga gasar ƙagaggun labarai da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, tare da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Gajeren littafi ne, ana iya gama shi a zama biyu. Sunansa ya yi fice ƙwarai, har ɗalibai da dama suna ambatonsa a jarrabawa ba tare da sun taɓa buɗe shi ba, kuma irin waɗannan ɗalibai su ne ainihin masu karanta sharhi a mujallar makaranta.

Kuskure na farko yana ɓoye a cikin harafi ɗaya, wato madanganci, wannan -n ko -r da ake liƙa wa ƙarshen suna domin a nuna cewa an riga an san abin da ake magana a kansa. Idan Bahaushe ya ce «wani yaro ya zo», yana gabatar da yaron ne ga mai sauraro. Idan ya ce «yaron ya zo», ya ɗauka cewa shi da mai sauraro sun riga sun san wane yaro ne. Ɗalibin da ya gama karanta littafi jiya, mutanen littafin sun zama sanannu a kansa, saboda haka alƙalaminsa yakan zuba madanganci ba tare da ya lura ba. Ga irin jimlar da akan samu:

«Bayan an kori Makau sai uwar ta tafi Fatika, sai aka sace yaron, sai kurar ta cinye mutumin, sai Balaraben ya tafi da shi Ber Kufa.»

Wanda ya karanta littafin zai gane kowace kalma a nan. Wanda bai karanta ba zai yi tuntuɓe aƙalla sau shida. Wane ne Makau, kuma wa ya kore shi? Uwar wa? Wace kura, wane mutum, wane Balarabe? Ina ne Ber Kufa? Jimlar ba ta karya dokar nahawu ko ɗaya ba, amma ta karya alkawarin da ke tsakanin mai magana da mai sauraro, cewa ba a nuna abu da madanganci sai an gabatar da shi. Gyaran ba shi da wuya. Mai sharhi ya bi rubutunsa da jan biro, ya ja layi ƙarƙashin kowane suna mai madanganci da kowane sunan yanka, sannan ya duba ko an riga an gabatar da shi a sama da «wani» ko «wata» ko da ɗan bayani. Duk wanda ba a gabatar ba, ko dai a gabatar da shi ko a cire shi. A gajeren sharhi cirewa ta fi yawan zama daidai, domin mai karatu ba zai iya riƙe sunaye fiye da uku ko huɗu a shafi ɗaya ba. A Shaihu Umar sunaye uku sun wadatar: Umar, da Makau mijin uwarsa, da Abdulkarim wanda ya tafi da shi ƙasar Masar. Fatika da Makarfi da sauran zangon hanya su jira mai karatu a cikin littafin.

Ga yadda wannan sashe zai iya kasancewa bayan gyara:

«Umar maraya ne. Uwarsa ta sake aure da wani bafade mai suna Makau, wanda abokan zamansa a fada suka yi wa makirci bayan wani harin kama bayi, har sarki ya kore shi daga gari. A cikin wannan watsewar gida aka sace Umar yana ƙarami, ya yi ta sauya hannu har ya faɗa wurin wani Balarabe, Abdulkarim, wanda ya ƙetare Sahara da shi ya riƙe shi kamar ɗansa. Uwar kuwa ta ƙi zama, ta kama hanyar neman ɗanta.»

A nan madanganci ya zo a «uwar» ta ƙarshe kaɗai, bayan an riga an san ta. Kurar ma ta fita, kuma fitarta riba ce, domin tana cikin abubuwan da ya fi kyau mai karatu ya ci karo da su da kansa.

Kuskure na biyu yana cikin lokutan aikatau. Hausa tana da hanyar da ta tanada musamman domin jera aukuwa ɗaya bayan ɗaya, wato shuɗaɗɗen lokaci na biyu, mai «suka» da «aka» da «muka», wanda yakan zo tare da «sai». Da shi ake ba da tatsuniya, da shi ake ba da labarin tafiya, da shi marubutan 1933 suka gina littattafansu. Yana da wani hali da ya kamata mai sharhi ya kiyaye: idan aka shiga cikinsa, kowace jimla tana kiran ta gaba, kuma babu wurin tsayawa sai ƙarshen labari. Ɗalibi yakan fara da niyyar ba da ɗan tsokaci, ya rubuta «sai» na farko, daga nan labarin ya ja shi har shafin ya cika, ya rufe da cewa littafin yana da darussa masu yawa. Ta haka sharhi yake rikiɗewa ya zama sake ba da labari, da Hausar da ba ta kai ta marubucin ba, alhali waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Wannan ma ana iya auna shi. Mai sharhi ya ƙirga jimlolin da ke tafiya a kan «sai» da «suka» da «aka», ya kwatanta su da jimlolin da ke ɗauke da «domin» da «amma» da «saboda haka» da «ne» ko «ce». Kashi na farko labari ne, kashi na biyu hukunci ne da dalilinsa. Idan na farko ya wuce sulusin rubutun, abin da ke hannu taƙaitawa ce. A shafin mujalla mai ɗaukar kalmomi kamar 500, rabon da ya dace shi ne kimanin 60 ga gabatar da littafi da marubucinsa, 150 ga labari, 220 ga hukunci da hujjojinsa, sauran kuma ga faɗin wanda littafin zai yi wa daɗi da wanda zai gundura. Ba doka ba ce, amma duk wanda ya gwada wannan rabo zai ga cewa sashe na uku ne yake ba shi wahala, kuma wahalar alama ce cewa ya iso wurin aikin.

Tambaya ta uku ita ce inda ya kamata a tsaya da ba da labari. Akan ce kada a faɗi ƙarshe, amma wannan shawara ba ta isa ba, domin ba kowane ƙarshe ne sirri ba. Shaihu Umar ya buɗe ne da Umar yana babban malami a Rauta, kusa da Bauchi, almajiransa suka tambaye shi asalinsa, shi kuma ya shiga ba su tarihinsa. Tun daga shafin farko, ke nan, marubucin da kansa ya sanar cewa yaron da za a sace zai rayu, zai yi ilimi, zai dawo ƙasar Hausa. Sunan littafin ma ya faɗi haka. Mai sharhin da ya ɓoye wannan yana gadin ƙofar da mai gida ya bari a buɗe. Abin da buɗewar littafin ba ta faɗa ba shi ne makomar uwar: ko za ta kai ga ɗanta, da abin da neman zai ci mata. Wannan tambaya ce take riƙe mai karatu a kashi na biyu na littafin, kuma ita ce amanar da ke hannun mai sharhi. Saboda haka wurin tsayawa shi ne daidai inda misalin da ke sama ya tsaya, lokacin da ta kama hanya.

Ƙa'idar da za a ɗauka daga nan ita ce a nemo tambayar da marubuci ya bari a buɗe da gangan, a kai mai karatu bakinta, a bar shi a can. Wurin yana sauyawa daga littafi zuwa littafi. A Ruwan Bagaja, Alhaji Imam ne yake ba da labarin tafiyarsa bayan ya dawo, don haka dawowarsa ba sirri ba ce, daɗin yana cikin dabarun da suke yi wa juna shi da Malam Zurƙe, kuma mai sharhi zai iya ba da ɗaya daga ciki a matsayin ɗanɗano ya bar sauran. A Jiki Magayi kuwa nauyin littafin duka yana kan yadda ramuwar gayya ta ƙare, wanda ya faɗi wannan ya kashe littafin. Mai kilishi a tasha yakan yago ɗan ƙarami ya miƙa wa mai wucewa, kuma ya san daga wane gefe zai yago.

Akwai masu ganin wannan taka-tsantsan bai da amfani a kan littafi irin Shaihu Umar. Hujjarsu ita ce littafin ya haura shekara tamanin, Mervyn Hiskett ya fassara shi zuwa Ingilishi a 1967, Umaru Ladan da Dexter Lyndersay sun mayar da shi wasan kwaikwayo, Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa a 1976, to wane sirri ya rage? Suna ƙarawa da cewa Bahaushe ya saba sauraron tatsuniyar da ya san ƙarshenta, kuma sanin bai taɓa rage masa daɗin Gizo da Ƙoƙi ba. Maganar tana da ƙarfi a wurin da ya dace da ita. A kundin digiri ko a muƙalar nazari dole a tattauna ƙarshen littafi, domin ba a nazarin jigo da rabin labari. Amma tsufan littafi ba ya sa ɗalibin shekarar farko ya san shi, a wurinsa sabo ne fil ranar da ya buɗe shi. Tatsuniya kuma ana jin ta sau da yawa tun ana yara, har ƙarshenta ya zama mallakar kowa, alhali yawancin mutane sau ɗaya suke karanta ƙagaggen labari. Karatun farko ba ya maimaituwa, kuma ba hakkin mai sharhi ba ne ya ƙwace shi daga abokin ajinsa domin ya nuna cewa shi ya kai shafin ƙarshe.

Saura sashe mafi nauyi, wato hukunci. Tsarin jigo da salo da zubi da tsari da ake koyarwa a darussan adabi yana da amfani wajen nazari, amma a gajeren sharhi yakan zama rumfar fakewa: a rubuta cewa jigon littafin shi ne bauta, salonsa mai armashi ne, zubinsa ya yi kyau, a tashi ba a ce komai ba. Kalmomi irin «armashi» da «burgewa» da «ƙayatarwa» za su hau kan kowane littafi, shi ya sa ba sa gaya wa mai karatu komai game da wannan. Hukunci na gaskiya yana da alama guda: wani zai iya ƙin yarda da shi, ya buɗe littafin ya nemi hujjar rushe shi.

Shaihu Umar yana ba da aƙalla wurare biyu da za a kafa irin wannan hukunci. Na farko ya shafi muryar mai ba da labari. Umar ne yake magana, da «na» da «ni», amma wani babban kashi na abin da yake bayarwa bai gani da idonsa ba. Makircin fada ya faru yana ƙaramin yaro, tafiyar uwarsa kuma ta faru yana wata ƙasa. A waɗannan wurare labarin yakan koma «ya» da «ta», Umar ya ɓace na tsawon shafuka. Mai sharhi zai iya cewa wannan rauni ne, domin marubucin ya ɗora wa mai ba da labarinsa sanin da ba shi da hanyar samu a lokacin. Zai iya kuma cewa ƙarfi ne, domin sassan da Umar ya ja baya su ne suka fi motsa zuciya, shi kansa kuwa abubuwa ne suke faruwa da shi, ba safai yake zaɓar hanyarsa ba. Kowanne daga cikin biyun hukunci ne da za a iya karewa, kuma ana iya faɗinsa ba tare da an taɓa ƙarshen labarin ba.

Na biyu ya shafi yadda littafin ya kalli bauta. Makau, wanda aka nuna shi mutumin kirki da aka zalunta, da kansa yake fita harin kama mutane, kuma rigimar da ta kore shi a kan rabon waɗanda aka kamo ne. Umar ya shiga hannun Abdulkarim ta hanyar cinikin bayi, amma a gidansa ya sami riƙo da karatun da ya mai da shi shaihi. Mai karatu na yau zai tambaya: littafin yana la'antar wannan ciniki ne, ko yana nuna shi a matsayin ƙaddarar da wani ya sha wuyarta wani ya ci ribarta? Sharhin da ya tsallake wannan tambaya ya tsallake littafin. A Nijar tambayar ba ta tarihi kaɗai ba ce. Ayarin da ke tashi daga Kano zuwa Tarabulus a ƙarni na 19 yakan ratsa Damagaram da Abzin, kuma a 2003 ne dokar ƙasa ta sanya bautar da mutum cikin manyan laifuffuka. A aji ɗaya ana iya samun waɗanda kalmar «bawa» take taɓa tarihin gidansu ta fuskoki mabambanta. Wannan yana ɗora wa mai sharhi nauyi biyu: ya zaɓi kalmominsa yadda ba za su zama gori ga kowa ba, kuma ya raba abin da littafin ya faɗa da abin da shi ya kawo daga tarihi, kada ya sa wa marubuci magana a baki domin ta dace da zamani.

Sunan marubucin ma tarko ne. Tafawa Ɓalewa ya zama Firayim Ministan Nijeriya, aka kashe shi a juyin mulkin Janairun 1966, kuma wannan yakan sa ɗalibi ya cika rabin shafi da tarihin siyasarsa, sannan ya ji nauyin kushe ko da jimla ɗaya ta littafin. Amma wanda ya rubuta Shaihu Umar matashin malamin makaranta ne ɗan shekara ashirin da ƴan kai, an haife shi a 1912, yana gwada wani nau'in rubutu da bai daɗe da shigowa Hausar boko ba. Wannan bayani ya fi amfani ga mai karatu, domin yana sa a fahimci gajartar littafin da saurin da yake yi a wasu wurare, inda shekaru suke wucewa a cikin ƴan layuka. Jimla biyu sun ishi tarihin marubuci. Girmama shi kuwa yana cikin karanta littafinsa da idon basira, a yaba inda ya yi kyau, a nuna inda ya gaza tare da dalili.

Daga ƙarshe sharhin ya faɗa wa abokan aji gaskiya game da abin da za su tarar. Wanda yake neman raha irin ta Ruwan Bagaja ba zai same ta a nan ba, Shaihu Umar littafi ne mai natsuwa da baƙin ciki. Wanda ya saba da Hausar Maraɗi ko Tawa zai ci karo da daidaitacciyar Hausa mai tushe a karin Kano, da wasu kalmomin fada da na fatauci da suka tsufa, abin da zai ɗan rage masa sauri, ko da yake ga ɗalibin harshe wannan kansa abin tarawa ne. Idan akwai kwafi a ɗakin karatu na sashe, a faɗi haka, domin sharhin da ya tada sha'awa bai nuna inda za a sami littafi ba ya bar aiki a rabi.

Kafin a miƙa wa editan mujalla, akwai gwaji guda da ya fi duk ƙirge-ƙirgen da aka ambata. A ba wani abokin aji da bai karanta littafin ba, ya karanta sharhin sau ɗaya, a karɓe takardar, a yi masa tambaya uku: labarin wa ake bayarwa, me mai sharhi yake gani game da littafin, kuma yaya labarin ya ƙare. Idan ya amsa biyun farko ya kasa ta uku, sharhin ya isa bugawa. Idan ya amsa ta uku ya kasa ta biyu, a koma a sake rubutu.